Wata Mata a Bayan Zana

A shekarar 1937 ɗakin magani na Gure ɗaki biyu ne da rumfa, a gindin tudu, ƙasa da biro, wato ofishin Kumandan, Baturen da ke mulkin yankin. Ma'aikatansa ma biyu ne. Akwai Aisami, ma'aikacin jinya da ya yi koyo a Damagaram, wanda duk gari ke kira Majo. Akwai kuma Yakura unguwarzoma, wadda Nasara suka ɗauka aiki tun shekara tara da suka wuce, don sun lura matan gardawa, wato dogaran Nasara, ba sa yarda su haihu sai a hannunta. Abin da Nasara ba su lura da shi ba, ko suka lura bai dame su ba, shi ne Majo surukin Yakura ne. Ɗiyarta Kellu yake aure.

To, kowa ya san yadda abin yake. Uwar mata ba ta kiran sunan mijin ɗiyarta, ba ta cin abinci a gabansa, ba ta haɗa ido da shi. In sun yi kiciɓis a hanya, shi ya tuɓe takalmi ya durƙusa, ita ta juya fuska ta amsa gaisuwa kamar da katanga take magana. Ga shi kuma aiki ya kulle su ƙarƙashin rufi ɗaya shekara huɗu. Sai suka samo dabararsu. Majo ya sa aka kafa zana a tsakiyar ɗakin ciki. In mace ta zo da abin da ba za ta iya faɗa wa namiji ba, ta shiga bayan zanar ta raɗa wa Yakura, ita kuma ta ɗaga murya ta ce, "Wata mata ta ce kaza da kaza." Majo yana can ɗaya gefen a kan teburinsa, ya yi tambaya, a ba shi amsa, ya auna magani ya turo ta ƙasan zana. Ba a jin suna, ba a ganin fuska. Matan Gure sun ji daɗin wannan tsari ƙwarai, har daga Kelle da Gidigir ake zuwa saboda shi.

Yakura ta haura arba'in da biyar lokacin da jinin ya rikice mata. Da fari ta ɗauka na bankwana ne, ai shekarun sun kai. Amma maimakon ya ja baya sai ya ƙaru, yana zuwa da gudaji, ya yi kwana goma sha, ya ɗauke kwana uku ya dawo. Ta sha sassaƙe, ta sha rubutu, ta yi turare. Wata rana tana kwance da hantsi ta danna mararta, hannunta ya faɗa a kan wani abu mai tauri kamar ƙwallon goruba. Hannun nan ya taɓa cikin mata ya fi a ƙirga, ba ya yi mata ƙarya. Ta san ba ciki ba ne, ta kuma san ya fi ƙarfin kwalaben da ke kan shiryayyen Majo. Irin wannan sai Damagaram, inda akwai lokotoro, wato babban likita, da unguwarzomar da ta yi karatu a Dakar.

Sai dai ma'aikacin Nasara ba ya ɗaukar ƙafa ya tafi Damagaram don ya ga dama. Sai da izinin Kumandan a rubuce, da takardar hanya. Wanda ya tafi babu su, in ya dawo ya tarar an soke sunansa, wata ƙila ma gardi ya taro shi a hanya. Izini kuma sai an rubuta takarda an faɗi dalili. Nan ne fa gizo ke saƙa wa Yakura. Ita da ta san sirrin kowace mace a garin, nata ya rasa bakin da zai fita.

Kellu ba ta cikin lissafi. Cikinta wata shida ne bayan ɓari biyu, ga ta da saurin kuka, ga baki. Abin da Kellu ta ji da safe, kafin azahar ya isa rijiya.

Don haka ranar kasuwa Yakura ta nufi wurin Ibram, tsohon soja da ke zama gindin gawo yana rubuta wa mutane takarda da Faransancin da ya kwaso a bariki. Ya gyara tabarau, ya lashi bakin alƙalami.

"Me za a ce wa Kumandan, Ya Yakura?"

"Ka ce ina son kwana ashirin. Zan je Damagaram in gaida dangi."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Dalilin nan bai da nauyi fa. Ko mu kashe wani? Kawu, ko gwaggo. Nasara na jin tausayin mutuwa."

"A'uzubillahi! Rubuta abin da na gaya maka."

Ya rubuta. Da zai miƙa mata ya ce ta tuna takardar ma'aikaci ta hannun shugabansa take bi, wato Majo ya sa hannu tukuna. Yakura ta ce ta ji. Ta hau tudu ta danƙa wa gardin bakin ƙofa, ta sauko abinta, sau biyu tana tsayawa numfashi.

Amsa ba ta daɗe ba. A biron Gure, Ɗan Talata tafinta ne ke buɗe takardun talakawa, shi ne kuma ke fitowa baranda ya faɗi hukunci da ƙarfi, gaban gardawa da masu ƙara da duk wanda ya zo shan inuwa. Mutum ne mai son muryarsa. Ya ɗaga takardar ya ce Kumandan ya ce dangin Damagaram su yi haƙuri, matan gardawa huɗu ne a bakin haihuwa, kuma unguwarzoma ta koyi bin ƙofa ta daina haura katanga. Aka yi dariya. Takardar ta sauko ɗakin magani da jan rubutu a gefenta, gardi ya ajiye ta a teburin Majo.

 Majo ya karanta, ya ninke, ya turo ta ƙasan zana kamar ƙullin magani. Shirun da ya yi ya fi yi wa Yakura ciwo a kan dariyar baranda. Ta tsallake shi a gaban Nasara, ta nuna kamar bai isa ba, shi kuwa yaron bai taɓa saɓa mata ba ko da kallo.

Kwana shida bayan haka matar wani gardi ta haihu. Yakura ta yanke cibi, ta miƙe za ta ɗauko ruwa, sai ɗakin ya juya da ita. Da ba don Balkisu ba, matar da ke taya ta riƙon masu naƙuda, da ta faɗa kan jaririn. Balkisu ta zaunar da ita, ta dubi zanenta, ta dubi fuskarta, ta kawar da kai. Yakura ta ce rana ce. A hanyar gida ta yi ta zagin kanta. Yau jiri, gobe kuma sai ta saki ɗan mutane a ƙasa, duk don kada wani yaro da ta girme shi da shekara ashirin ya ji abin da yake ji kullum daga bakinta a kan wasu.

Ranar Litinin, da masu karɓar magani suka watse wajen azahar, ta shiga bayan zana ta zauna a kan tabarma. Majo na wanke kwalabe. Ta yi gyaran murya.

"Akwai wata mata."

Ta ji ƙarar kwalaben ta tsaya. Babu macen da ta shigo tun hantsi, kuma ƙofar ɗaya ce, a gaban idonsa take. Ta ji ya ja kujera ya zauna.

"Ina ji, Inna."

"Ta ce jini ne. Ba ya ɗaukewa."

"Tun yaushe?"

"Wata bakwai."

"Da yawa?"

"Tsumma biyar, shida a yini. Da gudaji."

"Shekarunta fa?"

"Ta manyanta. Ta aurar."

"Yana wari? Akwai ruwa-ruwa tsakani?"

"Babu."

"Alhamdu lillahi. Ku taɓa mini mararta, Inna. Akwai abin da kuka ji?"

"Na taɓa. Akwai ƙullutu, ƙasa da cibiya. Yana motsawa in an tura shi."

Haka suka yi ta yi, shi yana tambaya da muryarsa ta aiki, ita tana amsawa da tata. Ya tambayi jiri, ya tambayi fitsari, ya tambayi ko ta rame. Yakura ta yi mamakin yadda maganar ke fita da sauƙi muddin ta wata ce.

Daga ƙarshe ya ce, "Ku gaya mata wannan ba na nan ba ne. Zan ba ta abin da zai rage zubar, da na ƙarin jini, amma tsayar da ita kawai zai yi a hanya. Sai lokotoro ya duba ta ciki, da hannu da kuma ƙarfen dubawa, unguwarzomarsu na tsaye a wurin. Za su ɗebi jininta da fitsarinta su auna. Wata ƙila allura da hutu su isa. Wata ƙila a wanke mahaifar. In tsiro ne ya girma, sai an sa ta barci an yi aiki, wannan kuwa kwanciyar mako uku ce ko huɗu. Kamyo, motar wasiƙu, zai wuce ran Alhamis. In ya wuce sai bayan mako biyu, ni kuma ban so ta ƙara mako biyu."

"Za a gaya mata."

Ta ji ya jawo takarda, ya tsoma alƙalami. 

"Inna, ku gafarce ni. Takarda ba ta karɓar wata mata. Suna take so."

Yakura ta dubi zanar. Ta san kowane kara a jikinta, har inda gara ta fara ci daga ƙasa. Kunya ta rufe ta tun daga wuya har tafin ƙafa, irin wadda rabonta da ita tun tana amarya. Ta so ta tashi ta fita, ta ce matar ta tafi. Amma ta zauna inda take.

"A rubuta Yakura," ta ce.

Bai yi salati ba, bai ce ashsha ba, kuma ta gode masa a ranta. Alƙalami kawai ta ji yana tafiya. Ya ce takarda biyu za a yi. Ɗaya tasa ce, zuwa ga lokotoro, a ciki zai sa duk abin da aka faɗa, ya liƙe ta da jan danƙo, ba mai buɗewa sai a Damagaram. Ɗayar tata ce, zuwa ga Kumandan. Da ya gama ya karanta mata, yana juyawa da Hausa:

"Gure, uku ga watan Mayu. Daga Yakura, unguwarzomar ɗakin magani, zuwa ga Kumandan, ta hannun Majo. Ina roƙon alfarmarku ku ba ni izinin kwana talatin daga ranar Alhamis, in je Damagaram lokotoro ya duba ni a kan ciwon mata da nake fama da shi wata bakwai. Idan ya ga sai an kwantar da ni ko an yi mini aiki, ina roƙon a ƙara mini kwanaki gwargwadon abin da ya rubuto. Kafin in dawo, Balkisu za ta riƙe haihuwa a ƙarƙashin Majo. Ina kuma roƙon takardar hanya da wurin zama a kamyon wasiƙu."

"A cire ciwon matan nan," in ji Yakura. "A sa ciwon ciki."

"In na sa ciwon ciki, zai ce in ba ku gishirin wanke ciki ku koma aiki."

"To a cire wata bakwai."

"Wannan zan iya cirewa, yana cikin ɗayar."

"Aikin fa? Wa ya ce za a yi mini aiki?"

"Ba wanda ya ce. Amma in ba a rubuta yanzu ba, kwana talatin suka cika kuna kwance, sai a ce kun gudu."

Ta yi tsaki, wanda a wurinta yarda ce. Ya sake kwafe takardar tas, ya rubuta nasa layin a ƙasa cewa ya gani kuma ya goyi baya, ya sa hannu. Sai ya turo ta ƙasan zana tare da tawada. Ta dangwala babban yatsa inda ya sa alama.

"Ɗan Talata fa?" ta ce wa zanar.

"Da kaina zan kai. Ba za ta bi ta hannunsa ba."

Washegari da safe gardi ya sauko ya karɓi takardar Ibram, ya ce Kumandan na kiran unguwarzoma. Wannan kam ba ya cikin shirin kowa. Ta hau tudun a hankali, ta ratsa baranda, idanu na binta. A ciki ta tarar da Kumandan bayan teburinsa, wani Bature ja mai yawan gumi, wanda ya fi yarda da takarda a kan bakin mutum. Takardun biyu na gabansa gefe da gefe, ta Ibram mai jan rubutu da ta jiya. Majo na tsaye ƙame, hula a hannu. Ɗan Talata kuwa har ya gyara riga ya matso, yana shirin aiki.

Majo ya yi magana da Faransanci, gajeriya. Kumandan ya dube shi, ya ɗaga kafaɗa, ya nuna wa tafinta ƙofa. Ɗan Talata ya fita yana jan takalmi kamar an hana shi tuwon suna. Yakura ta ji sanyi, amma na ɗan lokaci ne, don nan take ta gane abin da ya rage. Ba tafinta, sai Majo. Ba kuma zana.

Kumandan ya buga yatsa a kan takarda ɗaya, ya buga a kan ɗayar, ya yi tambaya. Majo ya kafe idonsa a kan bango.

"Ya ce kwanan baya gaisuwa, yau ciwo. Wanne ne gaskiya?"

"Ta yau."

"Ya ce don me kuka faɗi ta farko?"

Yakura ta dubi ƙasa. Me za ta ce wa mutumin da a ƙasarsu, yadda ta ji, suruka da suruki kan zauna tebur ɗaya suna ci suna dariya?

"A ce masa wanda takardar za ta bi ta hannunsa mijin ɗiyata ne."

Majo ya juya masa da Faransanci. Kumandan ya jira ƙarin bayani, bai samu ba. Ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya share wuya da ƙyalle. A fili yake bai ga inda amsar ta haɗu da tambayar ba. Ya sake magana, a wannan karon ya daɗe, yana nuna liƙaƙƙiyar takardar lokotoro da bakin alƙalami.

Muryar Majo ta yi ƙasa. "Ya ce wannan ba zai buɗe ta ba, ba tasa ba ce. Amma surukinku ne ya rubuta, ya goyi baya, kuma shi bai san ko alfarmar gida ake yi ba. Yana so ya ji daga bakinku. Me ke damun ku, tun yaushe."

Ta ga kunnuwan yaron sun yi duhu. Sai ta fahimci ba ita kaɗai ke tsaye a kan wuta ba. In ta yi shiru, shi ne maƙaryaci a gaban Nasara, ga kuma kamyo zai wuce jibi. Wani abu kamar fushi ya taso mata, da Kumandan, da takarda, da kanta. Ta ɗaga kai. Ba Baturen ta duba ba, ai ba shi zai ji ba. Majo ta duba, ido cikin ido, karo na farko tun ranar da aka kawo goron Kellu.

"Jini nake zubarwa wata bakwai. Akwai ƙullutu a marata. Ranar Juma'a na kusa faɗuwa a kan jariri. Faɗa masa."

Ya faɗa.  Ita kuma ta ja fatar idonta ƙasa da yatsa, yadda take yi wa masu jego, ta matsa gaban teburin don Baturen ya gani da kansa. Fari fat.

Kumandan ya kawar da ido da sauri. Shi ma ashe yana da tasa kunyar. Ya jawo takardar jiya, ya rubuta kalma biyu a gefe, ya sa hannu, ya buga hatimi. Ya ɗauko wata ya cike, ita ce ta hanya. Ta Ibram kuwa ya yaga ta biyu ya jefa a kwando. Majo ya ce an ba da kwana talatin, ƙari kuma sai abin da lokotoro ya rubuto, aikinta kuma na nan yana jiranta.

Suka fito. Mutanen baranda suka miƙa wuya, Ɗan Talata ya buɗe baki, bai da abin shela, ya rufe. Yakura ta kama gangara, Majo na biye da ita nesa kaɗan da takardun. Da suka kai rabin tudu, inda ba kowa, ta tsaya ta dafa wani dutse. Shi ma ya tsaya.

"Da kake Damagaram, ka ga ana yin aikin nan?"

"Na gani, Inna. Sau shida ina riƙe da kwano."

"Nawa suka tashi?"

 Ta san yana auna ko ya ƙara mata ɗaya.

"Huɗu."

Ta gyaɗa kai. Tsoro ya kama ta sosai, ta bari ya ɗan lafa.

"Kellu za ta ji duba ni kawai za a yi. Huɗun nan tsakanina da kai."

"To, Inna."

"In watanta ya kama ban dawo ba, kada ka tsaya kunya ka bar ta da Balkisu ita kaɗai. Yarinyar za ta iya zubar da jini bayan haihuwa, irin gidanmu ne. Ka shiga ɗakin."

"Zan shiga."

Ta saki dutsen ta ci gaba da sauka. Kwana biyu ne suka rage mata, kuma har yanzu Balkisu ba ta yarda cewa almakashi sai an tafasa shi ba.